Ribar Sallah da Yunwar Agusta: Yadda Mai Shago Zai Karanta Lokutan Cinikinsa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon atamfa da shadda a goman farko na azumi ya san irin hada-hadar da ake yi. Mai shago ba ya samun sukunin zama, yaron shago na ta sauke turame daga kanta, mata na ta zaɓe, kowa na sauri ya kai wa tela kafin teloli su daina karɓar ɗinkin sallah. Da dare in aka ƙirga ciniki, sai mutum ya ji kamar ya rabu da talauci ke nan. Amma ka koma shagon nan a watan Agusta, ruwa na zuba, kuɗin mutane sun tafi gona da taki, za ka iske mai shagon yana gyangyaɗi, wataƙila ma ya fara taɓa uwar kuɗi domin cefanen gida.

Idan ka tambaye shi sai ya ce, "Kasuwa ce, yau ta yi, gobe ta ƙi." Gaskiya ne arziki na Allah ne. Sai dai mafi yawan hawa da saukar ciniki ba zuwan ba-zata suke yi ba. Suna da lokacinsu, suna kuma dawowa kowace shekara kamar yadda damina da rani ke dawowa. Wanda ya zauna da littafin cinikinsa na shekara biyu ko uku zai iya gano wannan tsari da biro da takarda kawai, ya san yaushe zai yi sari, guda nawa zai saro, da kuma nawa zai ɓoye daga ribar watan daɗi domin watan wuya.

Domin abin ya fito fili, mu ɗauki misalin wani shagon atamfa a wani gari, wanda ke saro kayansa daga Kantin Kwari a Kano. Alƙaluman da za su biyo na misali ne, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

A ƙirga turame, ba naira ba

Kuskure na farko shi ne auna ciniki da kuɗi. Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, farashin kaya ya yi ta tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024. A irin wannan yanayi, mai shago zai iya ganin cinikin Disamba ya fi na Janairu a naira, ya ɗauka Disamba ce ke da albarka, alhali kayan ne suka ƙara tsada, yawan abin da ya fita bai canza ba. Naira sanda ce da tsawonta ke raguwa, ba a auna yadi da ita.

Saboda haka abin da za a ƙirga shi ne kayan da suka fita daga shago: turmi nawa, yadi nawa, katan nawa, buhu nawa. Mai kaya iri-iri ba sai ya bi kowanne ba. Ya zaɓi iri uku zuwa biyar da suka fi kawo masa ciniki, ya buɗe wa kowanne shafinsa. A kuma rubuta kaya a ranar da suka fita, ko da bashi aka ɗauka. Ranar da aka biya bashin wani lissafi ne daban. Idan aka haɗa su, sai cinikin azumi ya bayyana a watan Shawwal, lokacin da masu bashi suka fara biya, tsarin ya rikice.

Ga abin da littafin shagonmu ya nuna na shekarar 2024, a turame:

| Wata | Turame | Wata | Turame |
|---|---|---|---|
| Janairu | 190 | Yuli | 110 |
| Fabrairu | 260 | Agusta | 100 |
| Maris | 420 | Satumba | 120 |
| Afrilu | 170 | Oktoba | 170 |
| Mayu | 180 | Nuwamba | 220 |
| Yuni | 210 | Disamba | 250 |

Jimillar shekara turmi 2,400. In aka raba gida 12, kowane wata zai tashi da 200. Wannan 200 ita ce ma'auni. Sai a ɗauki kowane wata a raba cinikinsa da ita. Maris, 420 a raba da 200, ya ba da 2.1, wato ninki biyu da ɗan ɗoriya na matsakaicin wata. Agusta ya ba da 0.5, rabin wata ke nan. Disamba ya ba da 1.25, wata guda da rubu'i. Wannan adadi shi ne nauyin wata. Amfaninsa shi ne, ko shago ya bunƙasa ko ya ja baya, nauyin bai cika canzawa ba. In baɗi shagon ya sayar da turmi 3,000, matsakaicin wata ya zama 250, ana sa ran Agusta ya tsaya wajen 125.

Shekara guda ba ta isa a yanke hukunci ba. Ana so a yi wannan lissafi na shekara biyu ko uku, a jera su gefe da gefe. Watan da ya nuna hali ɗaya sau uku a jere, halinsa ke nan. Wanda ya yi tsalle sau ɗaya ya dawo, akwai abin da ya faru, sai a bincika.

Kalanda biyu a shago ɗaya

A nan ne ɗan kasuwar ƙasar Hausa ya bambanta da wanda bikinsa ke zuwa a rana ɗaya kowace shekara. Cinikinmu kalanda biyu yake bi. Akwai wanda ke tafiya da rana da ruwan sama: damina, kaka, hunturu, bazara, da komawar yara makaranta a watan Satumba. Wannan yana nan daram a watannin Turawa. Akwai kuma wanda ke tafiya da jinjirin wata: azumi, ƙaramar sallah, babbar sallah, Mauludi, da bukukuwan auren da ake gaggautawa kafin azumi ya kama. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, don haka waɗannan lokuta suna matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara.

Dubi ƙaramar sallah a Nijeriya. A 2023 an yi ta ranar 21 ga Afrilu, a 2024 ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. A shagon atamfa cinikin sallah yakan kankama ne daga tsakiyar Sha'aban, ya lafa wajen ashirin ga azumi, domin daga nan da wuya a sami telan da zai karɓi sabon ɗinki. A 2024 waɗannan makonni kusan duk sun faɗa cikin Maris. A 2025, da aka ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kusan rabinsu sun koma Fabrairu.

Shi ya sa littafin shagonmu na 2025 ya nuna 350 a Fabrairu, 340 a Maris. Wanda ya kwatanta Maris da Maris kawai zai ce ciniki ya faɗi da turmi 80, hankalinsa ya tashi. Amma in ya haɗa watannin biyu zai ga 680 a 2024, 690 a 2025. Babu abin da ya faɗi. Cinikin ne ya yi ƙaura zuwa watan da ke gabansa. Wanda bai lura da wannan ba, ya jira ƙarshen Fabrairu kafin ya yi sari saboda bara a Maris aka yi ruguntsumi, zai iso da kaya an riga an ci rabin kasuwa.

Maganin abin shi ne a raba ciniki gida biyu: na yau da kullum, da ƙarin sallah. A shagonmu, watan rani wanda babu biki a cikinsa yana kawo wajen turmi 180. Wata biyu 360 ke nan. In aka cire 360 daga 680 saura 320, in aka cire daga 690 saura 330. To, ƙarin sallah a wannan shago wajen turmi 325 ne. Wannan ƙari ba na Maris ba ne, ba kuma na Fabrairu ba. Na Sha'aban da Ramadan ne, duk inda suka faɗa sai a ɗauke shi a ɗora a can. Haka za a yi wa babbar sallah, ko da yake a shagon tufafi ƙarinta bai kai na ƙarama ba, tunda kuɗin magidanta da yawa ragon layya suke tafiya.

Tsofaffin 'yan kasuwa za su tuna shekarun 2011 zuwa 2013, lokacin da azumi ya faɗo a Yuli da Agusta, cikin tsakiyar damina, sa'ad da aljihun manomi ya fi bushewa. Yanzu kuwa azumi ya doshi Janairu da Disamba, inda zai haɗu da kuɗin kaka da bukukuwan ƙarshen shekara. Ma'anar wannan ita ce, a shekaru masu zuwa manyan lokutan ciniki biyu za su dunƙule wuri guda, watannin da babu biki kuma su yi tsawo. Wanda ya saba da samun lokacin ciniki biyu a shekara zai wayi gari da guda ɗaya babba, don haka tanadinsa ma dole ya ƙaru.

Abin da littafi ke ɓoyewa

Kafin a dogara da alƙaluma, akwai abu uku da ya kamata a tace.

Na farko, abin da ya faru sau ɗaya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da ya durƙusar da kasuwanni daga Janairu zuwa Maris. Cinikin waɗancan watanni ba ya nuna halin Fabrairu, halin waccan shekara yake nunawa. Haka in wani mai hali ya zo ya haɗa lefe ko ya ɗauki ankon biki na turmi sittin a rana ɗaya. A sa alama a gefen irin wannan, a cire shi daga lissafin nauyin wata. In ba haka ba, baɗi za a saro turmi sittin domin bikin da ba za a sake yi ba.

Na biyu, ranakun da kaya suka ƙare. Littafi yana rubuta abin da aka sayar ne, ba ya rubuta wanda ya zo ya tambaya aka ce masa babu. In kayan shago sun ƙare ranar goma sha biyu ga azumi, 420 ɗin nan ba ita ce iyakar abin da kasuwa ta nema ba, iyakar abin da ke kan kanta ce. Alamar wannan ita ce ciniki ya yanke kwatsam alhali maƙwabta na ta sayarwa. Yana da kyau a ware shafi guda a bayan littafi, duk wanda ya nemi abu bai samu ba a ja masa layi.

Na uku, bambanci tsakanin lokaci da koma-baya. In Agustan bana ya gaza Yuli, wannan ba labari ba ne. In Agustan bana ya gaza Agustan bara, Satumba ma ta gaza Satumbar bara, Oktoba ma haka, to ba damina ba ce, shagon ne ke rasa masu saye, kuma jiran kaka ba zai gyara shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yanzu mu juya ga sari. Mai shagonmu yana sa ran sayar da turmi 685 a wata biyun sallah, wato 360 na yau da kullum da ƙarin 325. Sai ya ƙara kashi goma cikin ɗari, wajen turmi 70, domin kada kaya su yanke masa. Ya zama 755. Daga nan ya ƙirga abin da ke kan kanta: turmi 150. Amma da ya duba da idon gaskiya, 40 daga ciki kwantai ne, zanen da yayinsa ya wuce, wanda babu matar da za ta saya domin sallah. Masu tafiya 110 ne. In aka cire 110 daga 755, abin da zai saro turmi 645 ne.

Kada ya saro su a tafiya ɗaya. Atamfa kaya ce ta yayi, zanen da ake rububi a Rajab yana iya zama tsohon yayi kafin a ga watan Ramadan. Gara ya kasa sarin gida uku. Kashi na farko, turmi 300, su iso shago kafin Sha'aban ya kama, lokacin da Kwari ba ta cika maƙil ba, dillalai kuma ba su ɗaga farashi ba. Kashi na biyu, turmi 230, a ƙarshen Sha'aban, bayan ya ga launi da zanen da suka fi tafiya. Kashi na uku, turmi 115, ya riƙe kuɗinsu a hannu har ya ga makon farko na azumi. In cinikin makon ya kai na makon farkon azumin bara, sai ya ƙarasa sarin. In ya gaza da yawa, ya bar kuɗinsa a aljihu.

A lissafa da kwanakin hanya. In daga ranar da ya yi waya zuwa ranar da dila ta sauka a ƙofar shagonsa kwana biyar ne a lokacin da babu cunkoso, ya ɗauka kwana goma ne a lokacin sallah. Kayan da suka iso bayan ashirin ga azumi sun makara, za su kwana a kanta har babbar sallah, da kuɗinsa ɗaure a jikinsu.

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya gefen ma. Tunda ya san Yuli zuwa Satumba turmi 330 kacal za su ci, bai kamata ya shiga damina da kanta cike ba. Daga Yuni sai ya rage sari, ya karya farashin kwantai su fita, ya bar jarinsa ya zama kuɗi a hannu. Wannan kuɗi shi zai cika shago da su a Oktoba domin cinikin kaka, su juya sau biyu ko uku, su kuma zama tushen sarin sallah. Abin ba ƙarami ba ne: in sarin turmi naira 12,000 ne, ƙarin turmi 325 kaɗai yana buƙatar naira miliyan 3.9 a kan jarin da aka saba juyawa. Wanda ya san wannan adadi wata huɗu kafin lokaci yana da damar shiga adashe da zai kwasa a Rajab, ko ya daidaita da uban gidansa na Kwari a ba shi wani kaso bashi zuwa bayan sallah. Wanda bai sani ba sai a Sha'aban zai fara buga waya, lokacin da kowa ke neman abin da yake nema.

Rumbun mai shago

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: nawa za a ajiye? Mu ce ribar kowane turmi naira 1,500 ce. Mu ce kuma abin da shagon ke ci duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, naira 240,000 ne. A ciki akwai kuɗin haya da aka raba gida 12, da albashin yaron shago, da wuta, da harajin kasuwa, da cefanen gidan mai shago. Dole a sa cefane, domin daga aljihun shagon yake fita ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

In aka raba 240,000 da 1,500, za a sami 160. Wato sai shagon ya sayar da turmi 160 a wata kafin ya ɗauki nauyin kansa. A koma kan jadawalin. Yuli ya gaza da turmi 50, Agusta da 60, Satumba da 40. Jimilla 150, wanda a kuɗi giɓin naira 225,000 ne. Wannan ba asarar da za ta iya faruwa ba ce, giɓi ne da aka san yana tafe. A ƙara masa kuɗin wata guda, naira 240,000, domin rashin lafiya ko damina ta zarce yadda aka saba. Ajiyar da shagon ke buƙata kafin ruwa ya sauka ita ce naira 465,000.

Daga ina za ta fito? A Fabrairun 2024 shagon ya haura 160 da turmi 100, a Maris kuma da 260. Rarar watannin biyu ke nan naira 540,000. To, ga abin da ya kamata kowane mai shago ya tsaya ya duba: daga cikin 540,000 ɗin da ya ji kamar ganima ce ta sallah, 465,000 tana da mai ita tun kafin ta shigo. Ta Yuli ce da Agusta da Satumba. Abin da ya rage masa na kansa naira 75,000 ne. Shagon nan yana da riba, rararsa ta shekara ta kai naira 720,000, amma in mai shi ya sayi babur da kuɗin Maris, zai kai Agusta yana cin jari, ya isa kaka da rabin kanta.

A raba ajiyar nan da kuɗin juyawa. Asusun banki daban, wanda katinsa ba ya yawo a aljihu, ya fi akwatin shago aminci. Kada kuma a tara fiye da buƙata, domin a lokacin tsadar kaya kuɗin da ke kwance ƙarfinsu raguwa yake yi. Abin da ya haura lissafin giɓi gara ya koma kayan da ba sa fita yayi, irin farar shadda da yadi marar zane. Mai fitar da zakka kuma ya rubuta watanta a wannan jadawali, tunda ɗaya bisa arba'in na kaya da kuɗi ba abin da za a tuna da shi ranar biya ba ne.

Mai sayar da kayan masarufi zai iske nasa ƙarin a sukari da madara da gero na farkon azumi. Mai littattafai da jakunkuna zai iske nasa a Satumba, mai kayan sanyi a bazara, mai rigunan sanyi a hunturu. Watannin sun bambanta, lissafin ɗaya ne.

Manomin da ya cika rumbu da kaka ya san hatsin nan ba na kaka ba ne, na marka ne, lokacin da sabo bai nuna ba tsoho kuma ya ƙare. Ba ya kiran wannan rowa, kuma ba ya ganin ya saɓa wa tawakkali. Mai shago ma yana da kakarsa da markarsa, a rubuce suke a littafin da ke cikin durowarsa. Abin da ya rage shi ne ya buɗe shi wani dare bayan ya rufe shago, ya jera watannin nan goma sha biyu, ya ga wanne ne ke ciyar da wanne.